Ruwan da Iya Tafasa Ta Raina

Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa a unguwar. Tun tana sabuwar ungozoma a ƙaramin asibitin da ke bayan tashar mota ta samu wanda ya bi ta har furfura. Duk abin da aka miƙo mata, magana ɗaya ce a bakinta: "A tafasa." Almakashi, a tafasa. Zaren ɗaure cibiya, a tafasa. Ruwan da mai jego za ta sha, a tafasa, a huce, a rufe. Masu shara ne suka fara ce mata Tafasa a bayan idonta, da ta ji kuma ba ta yi fushi ba, don a ganinta yabo ne. Da girma ya kama ta sai aka ƙara mata Iya a gaba.

A faɗi gaskiya, tafasawar nan ta yi rana. Shekara talatin da huɗu tana karɓar haihuwa, kuma da wuya ka ji cibiyar jariri ta ruɓe a hannunta. Rabin samarin layin nan ita ta fara ganin fuskarsu kafin iyayensu. Abin da wannan ya jawo shi ne ta saba ba a yi mata musu. In ta ce abu ƙazanta ne, ƙazanta ne, ko da mai shi ya kwana yana wankewa.

Mijinta kafinta ne, mutum mai sanyin hali da son zolaya. Likita yake ce mata, tun ranar da ta hana shi shiga ɗaki sai ya wanke ƙafa. Shekara arba'in ya yi yana shaƙar ƙurar katako a shago marar taga, ita kuma tana yi masa faɗa ya ɗaura ƙyalle a hanci, yana cewa gobe. Goben ba ta zo ba sai da huhunsa ya gaji. Bayan ta yi ritaya da shekara biyu, aka sallamo shi daga babban asibiti da na'urar da ke tace iskar oksijin daga iskar ɗaki, tana tura masa ta siririyar roba zuwa hanci. Likitan ya ce kada a raba shi da ita, dare da rana.

Na'ura kuwa wuta take ci, kuma a unguwarsu kusan kullum ana ɗauke wuta da hantsi, ba a dawo da ita sai bayan la'asar. Babbar 'yarsu ce ta sayo inbata, mai juya cajin batir ya zama wutar gida, da manyan batura biyu masu ruwa a ciki, aka girke su a lungun baranda inda iska ke shiga. Kowane batir yana da rami shida, kowane rami da murfinsa da ɗan tsinke ja mai nuna inda ruwa ya tsaya. Suna sababbi, sukan riƙe na'urar awa bakwai ba gargada. Akwai kuma ƙaramar silinda ta oksijin a bayan ƙofa, ta ko-ta-kwana, wadda ba ta wuce awa biyu.

Wanda ya haɗa kayan shi ne Mai Batir na ƙarshen layi. Mutum ne ɗan shekara hamsin, gajere, marar yawan magana, rigunansa duk sun yi huji-huji saboda asid. Faratansa baƙaƙe ne, irin baƙin da sabulu ya daɗe da haƙura da shi. Ya gama ɗaure wayoyi, ya miƙe, ya ce:

"Iya, abu ɗaya zan bar miki. Duk wata, bayan sun cika da caji, ki duba tsinken nan. In ya sauka, ki ƙara ruwa har ya kai alama, kada ki wuce. Ruwa kawai, ban da asid, shi asid ba ya zuwa ko'ina. Kuma ba kowane ruwa ba, ruwan tururi, wanda nake yi a shago. Kada a kawo wuta ko ashana kusa, iskar da suke fitarwa tana kamawa."

Ta ce ta ji. Wata huɗu tana aikawa a karɓo, tana zubawa da mazurari, da safar hannu da tabarau, kamar za ta shiga ɗakin tiyata. A wata na biyar ne ta taka da ƙafarta zuwa shagon, kuma da ma ba ta je ba.

Shago ne kamar na kowane mai batir. Matattun batura jibge har rufi, ƙasa ta yi baƙi da mai, kyanwa kwance a kan tsumma. A can ciki wata tukunya ce ta ƙarfe marar tsatsa a kan risho, bututun gilashi ya fito daga kanta ya ratsa bokitin ruwan sanyi, ruwa yana ɗiga daga bakinsa ɗis, ɗis cikin jarka. Jarkar kuwa, ta waje, ta sha yatsu baƙaƙe har ba a gane asalin launinta. Mai Batir ya ɗauko ta da hannayen nan nasa ya miƙo mata.

Iya Tafasa ta ja da baya. "Wannan ne ruwan da nake zubawa a abin da mijina ke numfashi da shi?"

"Shi ne, Iya. Cikin jarkar tsaf yake, ba abin da ke shiga sai shi."

"Tsaf? Ɗan nan, ka san tsaf kuwa? Ni da na yi shekara talatin da huɗu ina tsabtace ruwa za ka koya wa?"

Ya buɗe baki zai yi bayani, ta riga ta juya. Kuma ba a hankali ta yi maganar ba. Mai askin da ke shagon kusa ya ji, masu jiran aski sun ji, kafin yamma layi ya ɗauka cewa Iya Tafasa ta ce ruwan Mai Batir ƙazanta ne. Shi Mai Batir ya ci gaba da aikinsa. Da ma ba shi da bakin kare kansa, kuma wa zai saurare shi a kan Iya?

Daga ranar ta koma yin nata. Ba ta yi ganganci ba, wannan kam a shaide ta. Ta ware sabuwar tukunya da ba a taɓa girki a cikinta ba. Takan tari ruwan famfo, ta tafasa shi, ba tafasa ɗaya ba, sai ta ga kusan kashi ɗaya cikin uku ya ƙone. Ta huce shi a rufe, ta tace da farin ƙyalle ninki huɗu, ta zuba a kwalbar da ita ma ta sha tafasa. Ruwa ya fito garau, ka rantse daga sama ya sauko yanzu. Kafinta yana zaune a kujerarsa da roba a hanci, yana kallonta.

"Likita, batir ɗin nan haihuwa zai yi ne?"

"Malam, ka ja numfashinka ka bar ni da aikina."

Ba ta tsaya a gidanta ba. Tela, maƙwabciyarta ta jikin katanga, wadda ke ɗinki da keken lantarki, ta zo ta ga yadda ake yi ta koma ta kwaikwaya. Mai aski ma ya bi sahu. Abin da Iya ta yi ai ba a tambayar dalilinsa.

Shekara ta farko ba abin da ya nuna. A ta biyu ne awa bakwai ta koma biyar. Ta ce zafi ne. Biyar ta koma huɗu, ta ce masu wuta ne ba sa barin batura su ƙoshi. Ta lura kuma suna shan ruwa fiye da da, kuma gefensu yana ɗumi ko ba a aiki da su sosai. Sai ta ƙara ƙwazo, ta ƙara tafasawa, ta koma dubawa duk mako biyu. Ranakun da wuta ta yi jinkiri takan ɗora shi a kan silinda na ɗan lokaci, a sake cika ta washegari. Tunanin zuwa ƙarshen layi ya zo mata sau biyu ko uku, ta kore shi. Da wane ido za ta kalli mutumin?

Ranar da abin ya faru Talata ce. An ɗauke wuta ƙarfe tara na safe. Sha ɗaya saura kwata, tana yanka albasa a kicin, ta ji inbata ta fara kuka, ƙit, ƙit, ƙit. Kafin ta goge hannu kukan ya zama ɗaya dogo, sannan gidan ya yi tsit. Gurnanin na'urar nan da ta shekara biyu tana ji har ta daina jin sa, shi ne ya ɗauke.

Wannan kam aikinta ne. Ta jawo silinda, ta sauya robar, ta buɗe, ta maƙala masa abin awon oksijin a yatsa. Lambar ta sauka, ta tsaya, ta fara hawa a hankali. Sai a lokacin ta kalli agogon bango ta yi lissafin da kowa zai iya yi. Silinda za ta kai su ƙarfe ɗaya saura. Wuta sai bayan huɗu. Wurin cika silinda yana can ƙetaren gari, zuwa da dawowa da layi ba ya yiwuwa a awa biyu. 'Yarsu tana wani gari. Fitar da shi a cikin ranar nan zuwa babban asibiti kuwa, ta san numfashinsa ba zai ɗauka ba.

Kafinta ya kalle ta. Leɓɓansa sun ɗan yi duhu, amma bakin bai mutu ba.

"Likita... je ki wurinsa. Ba zai... cije ki ba."

Ta ƙwala wa Tela kira ta kan katanga ta zo ta zauna da shi, ta nuna mata lambar da za ta sa wa ido. Ta yafa mayafi a karkace ta fita. Layin nan da take takawa a hankali ana gaishe ta dama da hagu, ranar da sassarfa ta wuce shi, takalmi ɗaya nata ɗaya na mijinta.

Mai Batir yana tsugune yana goge kan wani batir da burushi. Ta tsaya a bakin shagon tana haki. Duk maganar da ta shirya a hanya ta gudu.

"Batura sun mutu. Malam yana kan silinda. Awa biyu gare ni, ko ba su kai ba."

Bai tambaye ta komai ba. Bai ce ai na faɗa ba, bai ko ɗaga gira ba. Ya ajiye burushi, ya shiga ciki ya kashe inbatar shagonsa. Fankar da ke kansa ta tsaya, rediyo ya yi shiru. Baturansa ne na kansa guda biyu, waɗanda shagon ke rayuwa da su in an ɗauke wuta. Ya kwance su, ya leƙa waje ya ce wa mai aski, "Bar kan nan haka, zo ka kama mini." Mai aski ya bar mutum da rabin kai. Kowane batir ya kai nauyin babban mutum. Suka ɗora a baro, suka turo, ita tana biye tana riƙe da sifana.

A baranda Mai Batir ya kashe inbata, ya cire zobensa ya sa a aljihu, ya kwance tsofaffin, ya ɗaura nasa. Mai aski ya ce, don a rage wahala, me zai hana a sauya ɗaya kawai? Mai Batir ya girgiza kai, ya ce mataccen zai ja lafiyayyen ƙasa. Ya duba wayoyin sau biyu, ya kunna. Daga ɗaki na'ura ta yi tari, ta kama gurnaninta. Iya Tafasa ta mayar wa mijinta robar, ta rufe silinda, ta tsaya tana kallon lambar da ke yatsansa har ta zauna inda ya kamata. Sannan ta zauna a bakin gado.

"Za su kai ku har dare in ta kama," in ji Mai Batir daga bakin ƙofa. Ya ƙi shigowa saboda ƙafafunsa.

Da ta fito ta same shi tsugune gaban tsofaffin baturan. Ya buɗe murafen, yana zuƙo ruwan kowane rami da wani abin awo na gilashi mai kan roba, kamar ƙaton sirinji. Ya ɗaga shi a haske. Ruwan da ya kamata ya zama garau ya yi gurɓi-gurɓi, da launin ƙasa-ƙasa.

"Iya, wane ruwa kike zuba musu?"

Ta faɗa masa, dalla-dalla, har da ƙyalle ninki huɗu. Tana faɗa tana jin wani guntun alfahari bai gama mutuwa ba.

"Zan iya ganin tukunyar?"

Ta kawo. Ya sa farce ya kankare cikinta, wani farin ɓawo ya ɓantaro kamar ɓawon ƙwai. Ya ɗora a tafin hannunsa ya nuna mata.

"Wannan daga ina ya zo?"

"Daga ruwa mana. Ai shi ya sa nake tafasawa, ya fita."

"Wanda ya fita ke nan. Wanda bai fita ba ya fi shi yawa."

Ya roƙi ta ba shi madubi. Ta ɗauko ƙaramin madubinta na hannu, ta goge shi da kanta. Ya ɗiga ɗigo uku na ruwanta a gefe ɗaya, ya zaro 'yar kwalba daga aljihunsa ya ɗiga uku na nasa a ɗaya gefen, ya ajiye madubin a kan katanga cikin rana. Suna jira yana magana, kuma ranar ce ta fara jin ya haɗa jimla biyar a jere.

"Ruwan famfo, Iya, ba ruwa ne kaɗai ba. Akwai gishiri a narke a ciki, da farar ƙasa, da ƙarfen da ya kwaso daga tsofaffin bututu. Ido ba ya gani, ƙyalle ba ya tarewa. Mutum ya sha ba abin da zai same shi. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta kashe gishiri. In kin tafasa, ruwan ne ke tashi, gishirin yana zaune. Da kika bari kashi ɗaya ya ƙone, sai kika tara shi ya ƙara kauri."

Ya nuna tsofaffin baturan da yatsa.

"Shi ma batir haka yake yi. In yana caji ruwa ne kawai ke fita, ya zama iska. Duk abin da ya shigo tare da ruwan yana nan ciki, ba ƙofar fita. Wata ya zagayo ki ƙara, ya ƙaru a kan na da. Farar ƙasar ta haɗu da asid ta zama laka, ta toshe farantan dalmar da ke ciki. Gishirin yana cin ƙarfen da ke riƙe da farantan. Shi kuma ƙarfen bututu yana sa batir ya riƙa zubar da cajinsa shi kaɗai, ko ba a kunna komai ba. Shi ya sa kika ga suna ɗumi suna ta shan ruwa. Ni kuma tururin nake kamawa in mayar da shi ruwa, dattin in bar shi a tukunya. Ke abin da ya tashi kika bari ya tafi, kika ɗauki abin da ya rage."

Ya sauko da madubin. Ɗigon sun bushe. A gefenta, zobba uku farare sun fito ɓaro-ɓaro. A gefensa ba komai, sai fuskarta tana kallonta.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta san wannan. Shekara nawa tana fasa 'yan kwalaben ruwan haɗa allura, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa yarda a haɗa allura da dafaffen ruwan famfo ba. Ta taɓa korar wata ɗaliba daga ɗaki a kan haka. Ilimin yana kanta, baƙin farcen mutum ne kawai ya hana ta ɗauko shi.

"Ba za a zubar a wanke su ba?" ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Zan kai su shago in yi musu caji a hankali in gani. Amma kada ki sa rai. Abin da ya cinye ya cinye."

Haka kuwa aka yi. Kwana biyu yana musu caji, ramuka uku suka ƙi tashi, sauran kuma da aka bar su kwana ɗaya suka sauke rabin abin da suka ɗauka. Batura da ya kamata su yi shekara biyar ko fiye, sun tafi a biyu da 'yan watanni. Kwana goma sha ɗaya nasa suka yi a barandarta kafin 'yar ta zo da sababbi. Kwana goma sha ɗayan nan a cikin zafi ya yi su, ba fanka, yana fifita da kwali, aikinsa na caji yana jiran masu wuta. Ta aika masa da abinci, ya karɓa. Ta aika da wani abu a ambulan, ya dawo da shi ko buɗewa bai yi ba.

Tun washegarin ranar ta ɗauki madubinta ta shiga gidan Tela, daga nan ta wuce shagon mai aski. A can ta fi daɗewa, don da gangan ta zaɓi lokacin da benci ya cika. A inda ta ɓata sunan mutum, a nan ta tsaya.

"Ku saurara, ku duka. Abin da na faɗa a kan ruwan Mai Batir, ƙarya na yi, ko da ban san ƙarya nake yi ba. Nasa ne mai kyau. Nawa ne ya kusa kashe mini miji. Duk wanda ya bi ni ya daina yau."

Mai aski ya tsaya da almakashi a sama. "Iya, ke ce kuwa?"

"Ni ce. Rufe bakinka kada ƙuda ya shiga, ka kawo ruwanka in nuna maka."

Nasu baturan ba su kai nata lalacewa ba, don ba su daɗe da farawa ba kuma ba sa aiki kamar nata. Mai Batir ya ce an rage wa baturan kwana, amma za su ja.

Daga nan ta shiga shagon ƙarshen layi, ta tsaya a kan baƙar ƙasar nan, ta ce, "Ɗana, ka yafe mini." Ya sunkuyar da kai yana murza tsumma, ya ce ba komai, Iya, ya wuce. Ta ce bai wuce ba sai ya ba ta jarkokinsa ta wanke. Nan suka yi ciniki mai tsawo, aka tsaya a kan cewa za ta wanke bayansu kawai, da murfi a rufe, cikin kuwa ko hannunta ba zai shiga ba. Tun daga lokacin duk farkon wata za ka gan ta a bakin shagon da soso da bokiti, tana yi wa kyanwa faɗa. Jarkokin suka yi fari har wasu suka ce ya sauya sana'a. Faratansa dai ta yi iya yinta, ta haƙura.

Kafinta ya ƙara shekara uku da rabi. Ya ga auren autarsu, ya riƙe jikoki biyu a cinya, ya koya wa babban yadda ake riƙe guduma ba tare da ya tashi daga kujera ba. Duk wata in ta sa tabarau ta ɗauko mazurari, sai ya leƙo ta taga.

"Likita, an tafasa kuwa?"

"Malam, wallahi zan cire maka robar nan."

A duk tsawon shekarun nan inbata ba ta sake yin dogon kukan nan ba.

Ya rasu wata ranar Asabar, wajen sha biyun rana, an ɗauke wuta tun safe. Tana zaune kusa da shi, hannunsa a cikin nata. Ta ga numfashin yana nisa da juna, kuma ta san abin da take gani. Ta yi masa abin da ake yi, ta rufe masa ido. Ɗakin bai yi tsit ba. Na'ura tana ta gurnaninta, iska tana fita ta robar tana taɓa mata bayan hannu, sanyi-sanyi. Ta daɗe a haka tana saurare. Sannan ta miƙa hannu ta kashe ta da kanta.

Da aka share makoki ta aika a kira Mai Batir. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa kamar kullum. Ta ce akwai wata mata a bayan kasuwa da aka sallamo da ciwo irin na Malam, ba su da na'ura, ba su da batura. Ta yi magana da 'ya'yanta, sun yarda a kai mata duka. Ya duba ramukan ɗaya bayan ɗaya da abin awonsa, ruwan garau, ya ce da sauransu sosai.

"Ka san abin da nake gode wa Allah a kai?" ta ce. "Lokacinsa ne ya yi. Iskar tana nan tana zuwa, shi ne ya gama da ita. Da a waccan Talatar ya tafi, da tukunyata ce ta kashe shi, kuma da ban san inda zan sa kaina ba har in mutu. Kai ka raba ni da wannan. Ba ni da abin da zan ba ka."

Mai Batir ya kalli ƙasa, ya goge ido da bayan hannu, ya bar baƙin layi a kumatunsa. Ta gani, hannunta har ya kai kan ƙyalle, sai ta fasa.

"Shigo ka sha ruwa," ta ce.

"Ƙafafuna, Iya."

"Shigo da su."